Layi Huɗu a Jikin Ledar Yaji: Yadda Ake Rubuta Ɗanɗanon da Mai Saye Bai Lasa Ba

A layin 'yan kayan yaji na Kasuwar Kurmi a Kano, mai saye ba ya buƙatar kowa ya rubuta masa komai. Zai sa hannu a buhu ya ɗebo citta, ya ɓalla, ya shinshina. In yaji ne dakakke, mai kaya zai dangwalo masa kaɗan a tafin hannu ya lasa, harshensa ya yanke hukunci kafin a fara ciniki. Amma yau yaji ya bar faranti da ƙullin leda ya hau kanta. Ana zuba shi a robobi da ledoji masu liƙi, ana jera shi a manyan shagunan Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi, ana aika shi ga 'yan uwa a Jidda da Landan. Ledar a rufe take ruf. Ba a lasa, ba a shinshinawa. Abin da ya rage tsakanin mai daka da mai saye shi ne 'yan kalmomin da ke jikin takardar.

Kalmomin kuwa ba su da yawa. A gaban leda mai ɗaukar giram 100, in aka cire gurbin suna da hoto da nauyi, abin da ke saura bai wuce wurin take guda ɗaya da gajerun layuka uku ba. Abin takaicin shi ne yawancin masu sana'ar suna ɓarnatar da wannan ɗan fili. Duk wanda ya ɗauki robobin yaji biyar a kanta ɗaya zai ga kusan magana ɗaya ce ake maimaitawa: daɗi ba a magana, na musamman, ba irinsa, sai wanda ya gwada. Matar da ta kwana tana soya ƙuli, ta zaɓi cittarta da kanta, ta tankaɗe sau biyu, ta ƙare da rubutun da zai zauna daidai a jikin kwalbar zuma ko ledar alewa. Mai saye ya karanta ya ajiye, domin bai san ko yajin zai ƙona bakin 'ya'yansa ba, bai kuma san ko na nama ne ko na ɗanwake ba.

Gyaran wannan yana farawa daga ma'auni, tun kafin a ɗauki biro. A ɗauki misalin mai sana'ar da ke haɗa yajin tsire, kilo guda a kowane zubi. Rabin kilon, wato giram 500, garin ƙuli-ƙuli ne. Barkono giram 140, busasshiyar citta 120, gishiri 80, busasshen tattasai 60 saboda launi, ɗunƙulen miya 40, tafarnuwa 30. Sauran giram 30 ɗin masoro ne da kimba da kanumfari, kanumfarin bai wuce giram 5 ba. Wannan misali ne kawai, kowane gida da nasa hannun, amma ya isa ya nuna abu ɗaya. Wannan yaji, a gaskiyarsa, yajin ƙuli ne mai citta, wanda zafinsa tsaka-tsaki ne. Duk rubutun da ya sa mai saye ya zaci wani abu dabam ya yaudare shi, ko da kuwa kowace kalma a cikinsa mai daɗin ji ce.

Daga nan sai ɗanɗanawa, kuma ba mai dakan ce ya kamata ta yi ita kaɗai ba, domin hancinta ya saba, harshenta ya daina jin zafin barkononta. Ana samun mutum huɗu ko biyar waɗanda ba 'yan gidan ba, a ba su yajin a kan abin da ba shi da ɗanɗano mai ƙarfi, kamar dafaffen ƙwai ko dafaffen rogo ko farar shinkafa da ɗan mai. Ba a tambayarsu ko ya yi daɗi, domin kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Tambayoyi uku ake yi musu. Me hancinka ya fara ji da aka buɗe ledar? Me ka ji da ya sauka a harshe? Me ya rage a bakinka bayan ka haɗiye? Sai a rubuta amsoshinsu yadda suka faɗa, ba tare da an yi musu kwalliya ba. Kalmar da mutum uku suka faɗa ba tare da sun ji juna ba, ita ce ta cancanci hawa leda.

Waɗannan tambayoyi uku su ne asalin layuka ukun, kuma jerinsu ba son rai ba ne, haka yaji yake isa ga mutum. Ƙamshin citta da tafarnuwa da kanumfari yana tashi a iska, shi ya sa hanci ke riga baki. Gishiri da ɗunƙule suna narkewa a yawu nan take, tare da su ake jin ƙulin. Zafin barkono kuwa daga wani sinadari yake mai suna kafsaisin, wanda ba ya narkewa a ruwa sai a mai. Saboda haka ne shan ruwa ba ya kashe raɗaɗin barkono amma nono ko madara na rage shi, kuma saboda haka ne yajin da ƙuli ya yi masa yawa zafinsa ke zuwa a hankali, don maiƙon gyaɗar na tausasa shi. Busasshiyar citta tana da nata ɗumin, wanda ya fi na ɗanya kaifi, kuma a maƙogwaro aka fi jin sa. Idan rubutu ya bi wannan jeri, mai karatu zai ji kamar ya lasa, domin an bi da shi ta hanyar da bakinsa zai bi.

Ga yadda rubutun farko kan fito daga hannun wanda bai saba ba:

Yaji na musamman mai daɗin gaske
Ɗanɗano mai gamsarwa
An haɗa shi da ingantattun kayan ƙamshi
Yana ƙara lafiya da kuzari

Babu layi ɗaya a nan da ya ambaci ƙuli, alhali shi ne rabin abin da ke cikin ledar. Babu wanda ya faɗi yawan zafi, wanda shi ne tambayar farko ta duk uwar da ke dafa wa yara. Layi na huɗu kuma, za a zo kansa, yana iya jawo wa mai sana'a fitina da hukuma. Ga kuma yadda zai koma in an rubuta shi daga bakin masu ɗanɗanawa:

Ƙamshin tukuba a cikin gida
Citta da tafarnuwa tun daga buɗe leda.
Garɗin soyayyen ƙuli, gishiri daidai.
Zafi tsaka-tsaki, yana zuwa daga baya.

Layin farko na ukun ya ambaci abubuwa biyu da kowa ya san ƙamshinsu, maimakon ya ce kayan ƙamshi kawai. An bar kanumfari da kimba a waje da gangan. Kanumfari yana da daraja a ido, yana kuma da tsada, don haka mai sana'a kan so ta sa shi a gaba, amma giram 5 a cikin 1000 aikinsa ya tallafa wa sauran ne, ba a jinsa shi kaɗai. Wanda ya sayi ledar don kanumfari zai buɗe ya nema ya rasa. Wurinsa yana baya, cikin jerin kayan haɗi.

Layi na biyu ya dogara ne kan kalma ɗaya, garɗi. Hausa ba ta da talaucin kalmomin baki. Akwai zaƙi da tsami da ɗaci da bauri, akwai galmi da lami da salam, akwai maiƙo da ƙauri da raɗaɗi. Garɗi shi ne abin da ake ji a soyayyar gyaɗa da riɗi da aya, kuma duk Bahaushen da ya karanta shi ya san inda aka dosa. Daɗi kuwa hukunci ne, ba bayani ba, kuma hukuncin na mai saye ne. Mai sana'ar da ta rubuta daɗi ta yabi kanta, wadda ta rubuta garɗi ta ba da labarin kayanta. Ita kuma "gishiri daidai" ba ado ba ce, saƙo ne ga mai girki cewa akwai gishiri a ciki, kada ta sake zuba wa naman nata da yawa. Giram 80 na gishiri da 40 na ɗunƙule a kilo ɗaya ba abin ɓoyewa ba ne, musamman a gidan da akwai mai hawan jini.

Layi na uku shi ne ya fi kowanne kawo ko korar ciniki, kuma shi aka fi yi wa ƙarya ta fuska biyu. Wasu suna rubuta zafi kamar wuta don su burge samari, sai iyaye mata su tsallake ledar alhali yajin mai sauƙi ne. Wasu kuma ba sa faɗin komai, sai yaro ya ci ya yi kuka, uwar ta rantse ba za ta sake saye ba. A duniyar masu barkono akwai ma'aunin zafi da wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912, wanda a kansa attaruhu ke haura dubu ɗari, jan tattasai mai zaƙi kuwa yana kusa da sifili. Amma wannan lamba ba ta da amfani ga mai sayen yajin giram 100 a Sabon Gari. Kalmomi uku sun wadatar, mai sauƙi da tsaka-tsaki da mai zafi, in an so a haɗa da hoton barkono ɗaya ko biyu ko uku saboda wanda bai iya karatu ba. Sharaɗin shi ne a riƙe alkawarin. Barkono ba ya zama iri ɗaya daga buhu zuwa buhu, na sabon kaka ya fi wanda ya kwana a sito kaifi, don haka duk zubin da aka yi da sabon buhu sai an sake ɗanɗana shi, a rage ko a ƙara barkonon har ya dace da abin da aka riga aka buga a takarda. Takardar da aka buga dubu biyu ba ta canzuwa, awon ne zai bi ta.

Sai take, wanda mutane suka fi ɗauka da wasa alhali ya fi layukan uku wuyar samu. Aikinsa dabam ne. Layukan suna faɗin yadda yajin yake a baki, shi kuma take yana faɗin inda yajin zai kai mutum, ko abin da ake ci da shi. Tukuba ita ce wurin da mai tsire ke kafa tsinkensa kewaye da wuta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gabanta bayan magariba ya san ƙamshin da ake nufi. Kalmomi biyar sun gaya wa mai saye cewa wannan yajin nama ne, na tsire da balangu da gasasshiyar kaza, ba yajin daddawa na tuwo da ɗumame ba, ba kuma yajin jego ba. An ce "a cikin gida" ba a ce gidanki ko gidanka ba, saboda Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi mace ko namiji, kuma yajin nama maza suna sayensa kamar yadda mata ke yi. Wanda ya rubuta "kicin ɗinki" ya sallami rabin kasuwarsa da harafi biyu.

Akwai wani take da kan zo wa mai rubutu a irin wannan aiki, mai daɗin faɗi ƙwarai: yajin da ya ji daka. Kunne yana son sa saboda yaji da ya ji sun yi karo, yaro ma zai haddace shi a ji ɗaya. Masu talla a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin amfanin irin wannan karin sauti, shi ya sa kiran mai tallan da ke wucewa ta bayan katanga ke zama a kai. Amma kafin a buga shi sai an tambayi mai sana'ar tambaya ɗaya: a turmi take dakawa, ko inji take kaiwa? In inji ne, taken ya faɗi, komai daɗinsa. Mata sun san bambancin yajin turmi da na inji a hannu da baki, na turmi yana da ɗan tsakitsaki, na inji lukwi yake kamar hoda. Ƙaryar da mai saye za ta gane da yatsa biyu ba ta cancanci kuɗin bugawa ba. In kuwa da gaske turmi ne, wannan take ya fi na tukuba, domin yana faɗin abin da babban kamfani ba zai iya faɗi ba.

Haka batun asalin kaya yake. Cittar kudancin Kaduna, ta yankin Kachia da Jaba, ta yi suna har a kasuwannin ƙetare saboda ƙarfin ƙamshi da zafinta, kamar yadda tattasan Diffa ya yi suna a Nijar. Mai sana'ar da take sayen cittarta daga can tana da hujjar rubuta "cittar Kachia" a layin farko, kuma hakan ya fi kalmar inganci sau goma. Wadda take saye a hannun duk wanda ta samu a kasuwa ba tare da ta san tushen buhun ba, ta tsaya ga citta kawai.

Yanzu a koma kan layin nan na "yana ƙara lafiya da kuzari". Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna a Najeriya, tana duba takardar jikin kaya kafin ta ba da lambar rajista, kuma ƙa'idarta ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa yana warkarwa ko yana hana wata cuta ba. Jarabar tana da ƙarfi a sana'ar yaji, domin citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro duk suna cikin kayan da gidajen Hausawa ke amfani da su don mura da sanyi, kuma masu yajin jego sukan so su yi wa mai jego alkawura a rubuce. Abin da kaka ta faɗa wa jikarta a tsakar gida dabam ne da abin da aka buga a leda aka sa wa kuɗi. Wanda ya rubuta maganin basir ko maganin sanyi a jikin yaji ya mai da abinci magani, kuma dokar magani ta fi tsauri nesa ba kusa ba. Haka nan rubuta "babu sinadari" a gaban ledar da ke da ɗunƙule giram 40 a kilo, magana ce da bayan ledar zai ƙaryata.

Bayan ledar kuwa ba filin fasaha ba ne, na doka ne. A nan ake jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, wato a misalin nan ƙuli ne farko kanumfari ne ƙarshe. A nan ake sa nauyi da giram, suna da adireshin mai yi, lambar zubi, ranar yi da ranar da ya kamata a gama amfani da shi, da yadda za a adana. Dokar tana son bayanan su kasance da Turanci, amma ba ta hana a ƙara da Hausa ba, shi ya sa take da layukan ɗanɗano za su iya zama da Hausa a gaba. Abu ɗaya da bai kamata a bari a ƙananan haruffa kaɗai ba shi ne gyaɗa. Akwai mutanen da ƙwayar gyaɗa kaɗan kan kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara, kuma ba kowane mai saye a Legas ko Landan ya san ƙuli-ƙuli daga gyaɗa ake yinsa ba. A rubuta "akwai gyaɗa a ciki" ɓaro-ɓaro, da kowane harshe aka yi amfani da shi a ledar.

Ƙulin nan yana da wata matsalar da ta shafi gaskiyar layi na biyu. Man da ya rage a cikinsa yana lalacewa in ya daɗe a zafi da haske, garɗi ya koma wari mai ɗaci a bayan harshe. Ƙamshin citta da tafarnuwa ma yana tsirarewa ta leda mai shara-shara. Rubutun ɗanɗano alkawari ne da ya kamata ya tabbata har ranar ƙarshe da aka buga a jiki, ba ranar daka kaɗai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ware leda uku daga zubi ɗaya, a ajiye su a irin zafin da shago ke yi, a riƙa buɗe ɗaya bayan wata biyu, ɗaya bayan huɗu, ɗaya bayan shida, ana karanta layukan ana lasa. Watan da layi ɗaya ya daina zama gaskiya, nan ne iyakar kwanakin da ya halatta a rubuta, ko kuma a sauya leda zuwa mai kauri da ba ta shigar da haske.

Saura wurin mai buga takarda, inda aiki mai kyau kan lalace a mintin ƙarshe. Yawancin salon haruffa masu ado da ke cikin kwamfutocin masu zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ko dai harafin ya fito akwati fanko, ko mai zanen ya cire ƙugiyar ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Garɗi in ya rasa ƙugiyarsa ya zama gardi, mai wasa da kura da maciji, kuma an buga shi a leda dubu biyu. Maganin shi ne a zaɓi salon harafin da ke da ƙugiyoyin tun farko, kuma in da CorelDRAW ake aikin, a sa mai zane ya yi wa rubutun Convert to Curves, wato Ctrl+Q, kafin a tura wa injin bugawa, don haruffan su zama zane kada wata kwamfuta ta musanya su.

Kafin a biya kuɗin bugawa, a fitar da kwafi ɗaya daidai girman da zai hau leda, a liƙa shi a jikinta, a ajiye a kanta, a ja da baya taku biyu. In take bai karantu daga nan ba, haruffan sun yi ƙanana ko kalmomin sun yi yawa. Sannan a miƙa ledar ga wanda bai taɓa cin yajin ba, ya karanta da ƙarfi, a tambaye shi abin da yake zaton zai ji da abin da zai ci da shi, sa'annan a buɗe a ba shi ya lasa. In abin da ya faɗa kafin lasa ya yi daidai da abin da ya faɗa bayanta, a kai wa mai bugawa. In sun saɓa, mai sana'a ta gyara ɗayan biyu, ko layin ko awon, kafin ta saki ko leda ɗaya zuwa kasuwa.